Inuwar Hayis ɗin da ta saɓa wa sauran inuwoyi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Bauchi. Wani dillali a Gombe ya turo min hoton wata bas Hayis, ya ce jiya da hantsi ya ɗauka a ƙofar gidan mai ita, wai in tura kafin alƙalami kada wani ya riga ni. Abin da ya tsaya min a rai shi ne inuwar allon tela da ke hagu ta karkata dama, ta yaron da ke riƙe da keke a dama kuma ta karkata hagu. Rana ɗaya za ta yi haka? Ga hoton nan, don Allah a duba min.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Na duba, kuma na daɗe a kansa. Allon da yaron ba su da laifi, inuwoyinsu sun dace da rana ɗaya. Matsalar tana jikin motar, wato wurin da idonka bai tsaya ba. Zan bi da kai hanyar da na bi, don gobe ka iya yi da kanka, da takarda da rula da fensir.

Mu fara wanke allon da yaron. Ka tuna yadda titin Bauchi zuwa Gombe yake a inda ya miƙe sosai: gefen hagu da gefen dama ba sa taɓa haɗuwa a ƙasa, amma in ka tsaya a tsakiya kana kallon nesa sai ka ga suna matsowa har su zama ɗigo ɗaya. Kyamara ma haka take gani. Inuwoyin da rana ta shimfiɗa a fili guda suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, to amma idan suna nisantar mai ɗauka, sai ta hagu ta bayyana tana karkata dama, ta dama tana karkata hagu. Wannan yana faruwa duk lokacin da rana take bayan mai ɗaukar hoto, kuma haka take a hotonka. Da a ce tana gabansa, da inuwoyin sun taho wajensa suna buɗewa kamar yatsun hannu. Irin wannan ruɗin ne ya sa wasu har yau suke cewa hotunan saukar kumbon Apollo 11 a duniyar wata a 1969 a ɗaki aka ɗauke su, don sun ga inuwoyi ba su jeru ba. Sun manta da abin da nisa da tudu da kwari suke yi wa inuwa a cikin hoto.

Na daɗe ina koyar da ɗaukar hoto, kuma abin da na fi shan wahalar cusa wa ɗalibai shi ne su daina yarda da idonsu a wannan fanni. Ido gwani ne wajen gane fuska, amma a lissafin inuwa rago ne. Yakan tuhumi hoton gaskiya, ya wuce na ƙarya bai ce uffan ba. Saboda haka ba kallon inda inuwa ta dosa muke yi ba, layi muke ja.

Ga tushen abin. Haske a miƙe yake tafiya. Idan ka ɗauki tsinin wani abu, a ce kusurwar allon telan nan, ka nemo inda inuwar wannan kusurwar ta sauka, to abubuwa uku suna kan zare ɗaya: rana, kusurwar, da inuwar kusurwar. Kyamarar kirki ba ta lanƙwasa miƙaƙƙen zare, don haka a kan hoton ma suna kan layi ɗaya. Tunda kowane zare daga rana ɗaya ya fito, dole duk layukan da ka ja, komai yawansu, su haɗu a wuri guda. Wannan wurin nake kira mahaɗa. Idan rana tana gaban kyamara, mahaɗar ita ce ranar kanta, a sama, ko da ba ta fito cikin hoton ba. Idan tana baya, mahaɗar takan faɗo ƙasa, daidai inda inuwar kan mai ɗaukar hoton take. Idan kuma rana tana gefe sak, layukan sukan jeru ba su haɗu ba, sai dai dukkansu za su yi karkata iri ɗaya.

Abin da na fi so game da wannan hanya shi ne ba ruwanta da abin da inuwar ta faɗa a kai. Ko ƙasa ce a shimfiɗe, ko tudun yashi, ko inuwar ta karye ta hau katanga kamar yadda ta allon telan ta yi, tsinin da inuwarsa suna nan kan zarensu. Haka nan yanke gefen hoto ko rage girmansa ba ya ɓata lissafin. Kuskuren da aka fi yi shi ne mutum ya ja layi daga gindin abu yana bin tsawon inuwar a ƙasa. Wancan awo ne daban, kuma yana lalacewa da zarar ƙasar ba ta daidaita ba. Kai dai daga tsinin abu zuwa tsinin inuwarsa.

Na buga hotonka a takardar A4 a kwance, ya fito faɗin santimita 28, tsayi 21. Na liƙa farar takarda a ƙasansa da gefensa da salatif, domin sau da yawa mahaɗar a waje take faɗawa. Wanda ke da kwamfuta zai iya yin haka a GIMP, manhajar gyaran hoto ta kyauta, ya faɗaɗa filin da ke kewaye da hoton ya ja layukan. Ni dai takarda ta fi min, don fensir ba ya gaggawa.

Na fara da abubuwan da ban zarga ba, kuma kai ma kullum da su za ka fara, domin su ne shaidun da za su nuna maka inda ranar wurin take. Allon telan ya ba ni kusurwoyi biyu masu kaifi, kowace da inuwarta a jikin katanga. Sai ƙarshen kan keken yaron. Sai bakin duron ruwan da ke kusa da get. Layuka huɗun nan duka suka gangaro, na hagu suna karkata dama, na dama suna karkata hagu, suka haɗu a kan farar takardar da na liƙa, kusan santimita 4 ƙasa da bakin hoton, wajen tsakiya. Ba su haɗu a ɗigo ɗaya cif ba. Sun bar ɗan fili da bai kai faɗin farce ba, kuma wannan ba komai ba ne. Ka lura ma inuwar mai ɗaukar hoton ba ta fito ba, kuma dalilin ke nan: kanta yana can inda mahaɗar take, ƙasa da abin da kyamara ta kama.

Bari in ɗan tsaya a kan wannan fili da ya rage, don a nan masu zafin kai suke yanke wa mutane hukuncin zalunci. Idan tsakanin tsinin abu da inuwarsa santimita 2 ne a takarda, ka kuskure wurin da milimita 1 kacal, to in ka miƙa layin zuwa santimita 20 kuskuren ya zama santimita guda. Gajeren layi da aka ja nesa maƙaryaci ne. Shi ya sa ake fifita abubuwa masu tsayi da inuwa mai nisa, kuma shi ya sa ban dogara da kan yaron ba. Kai a kewaye yake, ba ka san ainihin wane gefe ne ya haifar da wane gefen inuwa ba. A irin wannan, maimakon layi ɗaya sai ka ja biyu daga ɗigon inuwar, ɗaya ya shafi wannan gefen kan, ɗaya wancan, ka sami fili mai buɗewa kamar yankan kankana. Abin da ake nema shi ne mahaɗar ta faɗo cikin wannan fili idan rana tana gaban kyamara; idan tana baya, kamar a hotonka, sai ka zarce da layukan biyu ta ɗaya ɓangaren ɗigon inuwar, mahaɗar ta faɗo cikin filin da suka buɗe a can. A na yaron ta faɗo ciki. Wannan dabarar ta fito ne a aikin da masanan binciken hoto Eric Kee da James O'Brien da Hany Farid suka wallafa a 2013, kuma amfaninta shi ne tana ba ka damar amfani da inuwar da ba ka da cikakken tabbaci a kanta ba tare da ka yi mata ƙage ba.

Sai na koma kan motar. Na sami wurare uku masu kyau: kusurwar rufin ta baya, ƙarshen ƙarfen kariyar da ke sama, da madubin gefe. Layukansu sun yarda da juna, amma ba su yarda da kowa a hoton ba. Sun gangara ta hagu, kusan a jere, kuma wanda na ja daga kusurwar rufin ya wuce mahaɗar da tazarar kusan santimita 15. Kuskuren fensir ba ya kai haka. Ranar da ta haska motar nan tana sama sosai, ta hannun dama, ta wajen gaban motar. Ranar da ta haska gidan kuwa tana bayan mai ɗauka, ba ta gama tashi ba. Da motar tana wurin da gaske, da inuwarta ta faɗa ta gefen da ba ma gani ta nufi get ɗin, mafi yawanta a ɓoye, maimakon ta zubo ta hagu inda muke ganinta. Yadda layukan motar suka yarda da junansu yana nuna cewa inuwar tata ce ta asali: an yanko ta tare da inuwarta daga wani hoton, aka ɗora a nan. Da hannu aka zana inuwar, da wuya su ukun su jeru haka.

Akwai ƙarin shaida da ta shafi garinmu da watan da aka ce an ɗauki hoton, wato Disamba, kuma ina jin daɗinta domin iliminta ba baƙo ba ne a wurinmu. Kafin agogo ya yawaita, da tsawon inuwa malamai suke gane zawali da shigar la'asar, kuma sun san inuwar tsakar rana tana tsawo da hunturu tana gajarta da bazara. Gombe da Bauchi duka suna wajen digiri 10 ne da ɗan kai arewa da layin da ya raba duniya biyu. A tsakiyar Disamba, ko da tsakar rana, rana ba ta wuce wajen digiri 56 daga ƙasa, tana karkace ta kudu. Ma'ana inuwa mafi gajarta da abu zai yi a yinin ita ce kashi biyu cikin uku na tsayinsa. A takardata tsayin motar santimita 7 ne, don haka inuwarta ba za ta gaza santimita 4 da rabi ba a kowane lokaci na jiya. Na auna abin da ya fito daga bayanta, santimita 3 ne. Irin wannan gajeriyar inuwa sai rana ta kai wajen digiri 65 ko fiye, abin da ba ya faruwa a Gombe a wannan wata. A Afrilu ko Agusta, lokacin da rana ke ratsawa ta tsakiyar kai har mutum ya taka inuwarsa, wannan ba abin mamaki ba ne.

Sai dai ka riƙe wannan awon da hannu biyu. Yana aiki ne kawai idan inuwar ta kwanta a gicciye, daga dama zuwa hagu, a nisa ɗaya da abin da ya haifar da ita. Inuwar da ta nufi cikin hoto, kamar ta duron, kyamara tana taƙaita ta, in ka auna za ka sami ƙarya. Ta motar ta kusa zama a gicciye, shi ya sa na auna, kuma duk da haka a matsayin mai goyon baya na ɗauke ta, layukan su ne hujja. In kana son sanin inda rana take a wani gari a wata sa'a, shafin SunCalc yana nunawa a kan taswira. A ƙiyasina, yadda mahaɗar gidan ta faɗo ya dace da rana mai tsayin digiri 35 ko kusa, wato wajen ƙarfe tara na safe a wannan wata. Kenan maganar dillalin cewa da hantsi aka ɗauka tana iya zama gaskiya a kan gidan.

Bayan inuwar da ke ƙasa, sai a dubi yadda haske ya kwanta a jikin abubuwa. Abu mai kewaye ya fi faɗin gaskiya a nan: duro, tulu, kan mutum, tayar da aka jingine. Gefen da ke fuskantar rana ya fi haske, sai ya riƙa dusashewa a hankali zuwa ɗaya gefen. Duron hotonka ya yi haske a tsakiyarsa, ta inda yake kallonmu. Gaban rigar yaron ma haka, har ya ɗan runtse ido, alamar rana na dukan fuskarsa. Jikin motar da ke kallonmu kuwa a dushe yake, rufinta da goshinta ne suke ƙyalli. Abubuwa biyu da suke fuskantar waje ɗaya, taku kaɗan tsakaninsu, ɗaya cikin rana ɗaya cikin inuwar kansa, babu bishiya ko gini da ya kare ɗaya: wannan ba ya yiwuwa. Amma kada ka kwatanta hasken fenti da fenti, domin farar mota a inuwa tana iya fin baƙin get da ke rana haske. Abin dubawa shi ne wane gefe na abu guda ya fi ɗan'uwansa.

Kaifin bakin inuwa ma yana magana. Rana tana da faɗi a sama, kusan rabin digiri, saboda haka bakin inuwa yana ƙara laushi gwargwadon nisansa da abin da ya yi shi, kimanin santimita 1 a kowace mita. Inuwar falwaya a gindinta kamar an yanka da reza, a ƙarshenta kuwa ta baje. Idan hazo ya sauko sai duk inuwoyi su yi laushi su yi fari-fari, don ƙura tana watsa hasken ta ko'ina. A hotonka sama fari take fat irin na hunturu, inuwar allo da ta keke duk sun yi laushi, ta motar kuwa baƙa ce wuluk mai kaifi, irin ta ranar da sama ta wanke. Ban ba wannan nauyi da yawa ba, domin WhatsApp yana matse hoto ya ɓata gefuna, wayoyin yanzu kuma suna haskaka wuraren duhu da kansu. Amma ya tafi tare da sauran.

Yanzu ga abin da ya rufe maganar a wurina. A Hausa inuwa muke ce wa abu biyu: duhun da abu ke jefawa, da surar da ruwa ko madubi ke maidowa. Ta biyun tana da nata lissafin. Ka dubi ƙasan hoton, tsakanin motar da mai ɗauka, akwai ruwan da ya kwanta, da alama daga kwatar gidan ya gangaro. Ruwan da ya natsu madubi ne a kwance. Duk abin da ke tsaye a bayansa, surarsa tana fitowa a ƙarƙashinsa kai tsaye, kuma zurfinta daidai yake da tsayinsa, in ka fara awo daga inda abin ya taɓa ƙasa. Wanda ya taɓa tsayawa a bakin madatsar Dadin Kowa da sassafe kafin iska ta taso ya ga haka a jikin bishiyoyin ƙetare. To motar santimita 7 ce daga taya zuwa rufi, kenan surarta za ta mamaye santimita 7 daga layin tayoyin zuwa ƙasa. Ruwan yana tsakanin santimita 2 da 4 ƙasa da wannan layi, a tsakiyar inda farin jikin motar ya kamata ya cika shi. Na ƙara girman wurin. Abin da ke cikin ruwan koren get ne, da sandunan ƙarfensa na sama, waɗanda a hoton motar ta tare su. Ruwan ya ga ƙofar gidan a lokacin da babu mota a gabanta.

Masu haɗa hoto sukan manta da irin wannan, domin hankalinsu yana kan gyaran gefen abin da suka ɗora. Waɗanda suka tuna kuma sukan kifa hoton abin kawai su sa a ƙasa, nan ma a kama su, saboda ruwa daga ƙasa yake kallon abu. Surar mota a ruwa tana nuna ɗan cikinta na ƙasa, ba ta nuna saman rufinta ko da kai kana hango shi. Ga madubin bango ko gilashin shago kuwa, hanyar irin ta inuwa ce: ka ja layi daga kowane tsini zuwa takwaransa a cikin madubin, dole layukan su haɗu wuri ɗaya. Sharaɗin shi ne madubin ya zama shimfiɗaɗɗe. Jikin mota da gilashinta na gaba a lanƙwashe suke, suna miƙa sura suna murɗa ta, don haka ba a jan layi a kansu. Abin da kawai za ka tambaya shi ne me suke nunawa. A tagogin Hayis ɗin na hango wani abu kamar dogon bene, amma ban sa shi a lissafi ba, tunda ba mu ga abin da ke bayan mai ɗaukar hoton ba, wataƙila akwai bene a can.

Dole in gaya maka inda wannan awo yake tsayawa, don kada ka ɗauke shi ka riƙa saran kowane hoto da shi. Duk abin da na faɗa ya ginu ne a kan fitila ɗaya, wato rana. Hoton dare a wurin biki, ga fitilar titi ga ta janareta ga filashin waya, kowane abu yana da inuwa biyu ko uku, kowace fitila da mahaɗarta, kuma abin da ke kusa da wannan fitila zai bambanta da na kusa da waccan ba tare da an taɓa hoton ba. Ko da rana, farar katanga ko gilashin bene yana iya maido haske ya haska gefen da kake zaton duhu. Ranar da hadari ya rufe, ko hazo ya yi kauri, babu inuwar da za a ja wa layi. Hoton da aka ɗauka ana juya waya don a kamo fili mai faɗi, ko da ƙaramin gilashin nan mai kwaso wuri da yawa, yana lanƙwasa miƙaƙƙun layuka musamman a gefe. Kafin ka fara, ka ɗora rula a kan katanga ko falwayar da ke bakin hoton. In ta lanƙwashe, kada ka yarda da layukan da za ka ja a wurin. Katangar hotonka a miƙe take.

Akwai kuma tarkon haɗa tsini da inuwar da ba tasa ba, wanda ya taɓa kama ni. Shekarun baya na kusa ce wa wani hoton taro na bogi, don inuwar wani mutum ta ƙi bin sauran. Ashe inuwar wani ce da ke tsaye a wajen hoton, tasa kuma ta ɓuya a bayan benci. Tun daga ranar ba na yanke hukunci da layi ɗaya, sai na sami aƙalla uku daga abin da nake zargi, da uku daga abin da ban zarga ba. Manyan masana ma sun sha nuna cewa inuwar da ta yi kama da ƙarya gaskiya ce. Shekaru da dama mutane suna cewa hoton Lee Harvey Oswald, wanda aka zarga da kashe shugaban Amurka John F. Kennedy, riƙe da bindiga a bayan gida haɗi ne, wai inuwar hancinsa da ta jikinsa sun saɓa. A 2009 Hany Farid ya sake gina yanayin a kwamfuta, ya nuna rana ɗaya tana iya haifar da duka biyun.

Ta ɗaya ɓangaren kuma, hoton da ya tsallake wannan awo bai zama gaskiya ba tukuna. Da dillalin ya turo maka hoton asali na motar, inda aka ɗauke ta tun farko, da kowane layi ya haɗu lafiya lau, alhali wataƙila an sayar da ita tun bara, ko tana wani gari, ko ba ta taɓa zama a hannunsa ba. Yawancin hotunan yaudara da ke yawo a wayoyinmu irin waɗannan ne, ba a taɓa jikinsu ba, labarin da aka rataya musu ne ƙarya. Awon inuwa yana iya cewa wannan abu da wancan ba rana ɗaya ta haska su ba. Ba ya iya faɗin mai motar, ko wanda ya yi haɗin, ko niyyarsa.

Saboda haka ina roƙonka kada ka kira mutumin nan ɓarawo, kuma kada ka watsa hoton da sunansa. Dillalai suna karɓar hoto daga hannu zuwa hannu, mai yiwuwa shi ma turo masa aka yi. Abin da za ka iya faɗa da ƙarfin gwiwa shi ne motar da ke cikin hoton nan ba a ƙofar gidan nan aka ɗauke ta ba, kuma inuwarta ba ta hantsin Disamba ba ce a Gombe. Wannan ya isa ka riƙe kuɗinka, don tura kafin alƙalami a kan wannan hoto cinikin biri a sama ne.

Ka ce masa ya koma wurin gobe da hantsi ya kira ka ta bidiyo, ya zagaya motar a hankali yana farawa daga allon telan, ya nuna lambarta, ya buɗe ƙofa ya tayar da injin. In hoto zai sake turowa, ya turo shi ta Document don kada WhatsApp ya matse shi, kuma ya ɗauka daga wurare biyu daban, da wani mutum tsaye a jikin motar ya dafa ta, yadda inuwarsa za ta hau jikinta. Haɗa irin wannan yana da wuya ƙwarai, kuma kana da rula da fensir da za ka gwada shi. In kana da ɗan'uwa ko aboki a Gombe, ka ba shi kwatancen gidan ya je da bakanike su ga motar da takardunta kafin ka tura ko sisi.